Kasko, Firayar Lantarki, Obin ko Eya Firaya: Wanne Ya Fi Rage Akirilamaid a Soyayyen Dankali?

Tun da eya firaya ta cika kasuwa, wato tukunyar nan da ke suya da iska mai zafi, masu saye suka kasu gida biyu. Wasu sun ji an ce ita ce maganin sinadarin akirilamaid da ke fitowa a soyayyen dankali, wasu kuma sun ji an ce ita ce ma ke haddasa shi. Duka maganganun biyu akwai ɗan ƙamshin gaskiya a cikinsu, amma ba ɗaya da za a ɗora ciniki a kanta. Abin da ke ƙayyade yawan sinadarin a faranti shi ne zafin da dankalin ya sha, tsawon lokacin da ya yi a cikin zafin, da yawan sukarin da ke jikinsa tun kafin ya shiga wuta. Na'urar da ta fi ita ce wadda ta fi ba mai girki iko a kan waɗannan ukun. Dankalin turawa za mu ɗauka a nan, domin a kansa aka fi yin bincike, kuma yana cikin abincin da suka fi tara sinadarin.

Yadda sinadarin ke samuwa

Ɗanyen dankali ba shi da akirilamaid, dafaffe ma kusan haka. Ba taki ne ke kawo shi ba, ba kuma maganin feshi ba. A cikin kasko yake haɗuwa. Dankali na ɗauke da wani sinadari na halitta mai suna asfarajin, ɗaya daga cikin tubalan da ake gina furotin da su, yana kuma ɗauke da sukari iri biyu masu saurin kamawa, gulukos da furuktos. Idan zafi ya haura digiri 120 a ma'aunin Salshiyas, kuma ruwan bayan dankalin ya ƙafe, sai asfarajin ya haɗu da sukarin. Wannan haɗuwar reshe ce ta sauyin da masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, sauyin da ke sa ɓawon burodi ya yi ja, gyaɗa ta yi ƙamshi in an soya ta. Ke nan ƙamshin da launin da ake so, da sinadarin da ba a so, uwarsu ɗaya.

Abu biyu ne ke fitowa daga wannan. Na farko, ruwa kariya ne. Muddin abinci na cikin ruwa yana tafasa, zafinsa ba zai wuce digiri 100 ba, shi ya sa faten dankali da dafaffen dankali ba sa cikin wannan magana. Ko a cikin mai, cikin yankan dankali tururi ne ke dafa shi, a ɓawon waje kaɗai sinadarin ke taruwa. Na biyu, ba a hankali yake ƙaruwa daga farkon suya zuwa ƙarshe ba. Mintunan farko ruwa ne ke fita, kusan ba abin da ke samuwa. Sai bayan ɓawon ya bushe sannan yawansa ke hawa da gudu, ta yadda minti ɗaya ko biyun ƙarshe, tsakanin ruwan zinariya da ja mai duhu, na iya ninka shi sau da yawa.

Me aka sani game da haɗarinsa

An daɗe da sanin akirilamaid a masana'antu a matsayin guba mai taɓa jijiyoyi. A 1997, wajen haƙa ramin jirgin ƙasa na Hallandsås a Suwidin, wani sinadarin toshe ɓaraka mai ɗauke da shi ya malala cikin rafi, kifaye suka mutu, shanu suka shanye. Da aka auna jinin ma'aikata, aka kwatanta da na mutanen da ba su taɓa zuwa wurin ba, sai aka ga su ma waɗannan akwai alamarsa a jininsu. Bin diddigin wannan ne ya kai Margareta Törnqvist da abokan aikinta na Jami'ar Stockholm ga abinci, kuma a watan Afrilun 2002 aka sanar wa duniya.

Tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IARC, ta sa shi a rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji. Hujjar daga dabbobi take. Ɓerayen da aka riƙa ba su shi da yawa sun kamu da ciwon daji a sassa daban-daban, an kuma gano hanyar: hanta na mayar da shi wani sinadari mai suna gilisidamaid, wanda ke manne wa ƙwayoyin gado yana lalata su. A ɓangaren mutane kuwa, manyan bincike da suka bi dubban jama'a shekara da shekaru ba su ga alaƙa tabbatacciya da yawancin cututtukan daji ba. An ɗan ga alamu a ciwon dajin ƙoda, mahaifa da ƙwan mace a wasu binciken, wasu kuma ba su gani ba. Hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai, EFSA, ta duba duka wannan a 2015, ta ce sinadarin na iya ƙara haɗarin ciwon daji, kuma yara ne suka fi kwasar sa idan aka auna da nauyin jikinsu. Game da jijiyoyi kuwa, ta ga abin da ake samu a abinci bai kai matakin damuwa ba.

Lissafi ɗaya zai nuna girman abin. A ce faranti na da soyayyen dankali giram 150, kuma suyar ta tsaka-tsaki ce mai maikirogiram 300 na sinadarin a kowane kilo, wanda ya yi kusa da abin da aka saba samu a gwaje-gwajen Turai. Maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Farantin na ɗauke da maikirogiram 45 ke nan. Ga mai nauyin kilo 60, hakan na nufin 0.75 a kan kowane kilo na jikinsa. Yaro mai kilo 20 da ya ci giram 100 ya kwashi 1.5, ninki biyun na babban duk da bai kai shi ci ba. Matakin da EFSA ta ɗauka a matsayin inda ciwon ya fara ɗan ƙaruwa a ɓeraye shi ne maikirogiram 170 a kan kowane kilo, kullum. Babban da ke cin irin wannan faranti kowace rana yana ƙasa da matakin da ninki ɗari biyu da 'yan kai. Tazara ce babba, sai dai ga sinadarin da ke taɓa ƙwayoyin gado masana sun fi son su ga tazarar ninki 10,000 kafin hankalinsu ya kwanta. Shi ya sa hukumomi ba su ce a daina suya ba, sun ce a rage iya yadda za a iya. Mai shan taba kuma ya sani cewa hayaƙinta na ba shi akirilamaid fiye da abin da ke farantinsa, alamar sinadarin a jinin masu sha kan ninka ta marasa sha sau uku ko fiye.

Ma'aunan da za a bi

Na farko shi ne iko da zafi: shin hanyar na barin mutum ya tsayar da zafi inda yake so, ya kuma ga launin dankalin kafin ya wuce? Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 ta ba masu sana'ar abinci iyakar digiri 160 zuwa 175 a suyar mai, ta kuma sa maikirogiram 500 a kowane kilo a matsayin alamar da in an haura ta sai a sake duba yadda ake aiki. Da waɗannan za mu riƙa auna kowace hanya. Sai kuɗi, na saye da na yau da gobe, wato mai, gas ko wuta. Sai ƙarko da samun mai gyara. Sai sauƙin aiki da yawan abin da ake iya soyawa a tashi ɗaya. Sai sauran haɗura kamar ƙuna da gobara, waɗanda a gaskiya sun fi akirilamaid saurin kai mutum asibiti. Ba za a sa farashi da lamba ba, tun da kasuwa ba ta zama wuri ɗaya, za a dai nuna wanne ya fi wanne tsada.

Kasko a kan itace, gawayi ko gas

Shi kowa ya gada, shi ne mafi araha, kuma kaskon ƙarfe mai kauri kan kai a bar wa jikoki. Rauninsa ɗaya ne, ba wanda ya san zafin man. Mai girki na jiran ya ga man ya fara rawa ko ya ɗan yi hayaƙi, alhali tataccen mai ba ya hayaƙi sai ya haura digiri 200, lokacin an wuce iyaka da nisa. Ga yadda ɓarnar ta saba faruwa. A zuba dankali a mai mai tsananin zafi, gefuna su yi ja nan take, ciki bai nuna ba, sai a bar shi ya ƙara minti biyu don cikin ya dahu, a kwashe shi ya yi duhu. Ko kuma akasin haka: a cika kaskon maƙil, zafi ya faɗi, dankalin ya shiga shan mai, a iza wuta, ruwa ya gama fita daidai lokacin da man ya sake hawa sama, sai duk kaskon ya rine lokaci ɗaya.

Maganin duka biyun ba shi da tsada. Ma'aunin zafi na girki mai tsinken ƙarfe, wanda ke kai digiri 200 ko fiye, bai kai kuɗin kowace na'ura da ke wannan jerin ba ko kusa. A bar mai ya kai 170, a zuba dankali kimanin giram 100 zuwa 150 a kowace lita ta mai, kada a bar zafin ya haura 175. Kada kuma tsoro ya sa a sauke shi can ƙasa da 160, domin dankalin zai fito lagwab da mai, suyar ta daɗe, ba a ci ribar komai ba. A kan gas wannan abu ne mai sauƙi, juya makunni ne kawai. A kan gawayi da itace sai an riƙa janye garwashi ko sauke kasko, kuma zafi ba ya sauka nan da nan.

Tsohon mai da aka yi ta maimaitawa ba shi ne babbar kafar akirilamaid ba, amma yana ɓata ma'aunin ido, tun da yana rina dankalin tun bai soyu ba. Manja ma haka yake rufe launi. Ɓurɓushin da ke zama a gindin kasko yana ƙonewa yana manne wa sabon zubi, don haka a riƙa tsame shi da matsami tsakanin zubi da zubi. In mai ya kama da wuta, a rufe da murfin ƙarfe a kashe wutar. Ruwa a kan mai mai ci shi ke tayar da gobara.

Firayar lantarki mai saitin zafi

Wannan kasko ne da aka sa wa mai gadi. Ana saita ta a 170, in mai ya kai sai ta yanke wuta da kanta. Ta fuskar akirilamaid ita ce ta fi kowace ba da sakamako iri ɗaya yau da gobe, saboda mai na lulluɓe kowane yanka daidai wa daida, babu wani ɓangare da ya fi wani shan zafi. Matsalar ita ce makunnin yawancinsu na kai 190, kuma mutane can suke murɗa shi don sauri. Saitin masu araha ma ba kullum yake faɗin gaskiya ba, yana da kyau a gwada shi da ma'aunin zafi sau ɗaya a san bambancin.

Tana cin mai lita biyu zuwa uku a zubi ɗaya, wanda ke sa a riƙa ajiye man ana maimaitawa. Tana jan wuta wajen wat 2,000, ƙaramin janareta ba zai ɗauke ta ba. In wuta ta ɗauke a tsakiyar suya, dankalin zai zauna cikin mai yana sha. Ba ta da sassa da yawa, abin zafafa mai ne da abin saiti, kuma masu gyaran kayan lantarki na iya canza su. Akwai ta gas da masu gidajen abinci ke amfani da ita, sai dai a tabbatar tana da saitin zafi na gaske, don da yawa murhu ne kawai da kwano a kai.

Obin

Ana ɗaukar gashi ya fi suya lafiya, kuma ta wajen mai gaskiya ne, cokali ɗaya ko biyu ya ishi tire guda. Ta wajen akirilamaid ba lallai ba ne. Iska ba ta isar da zafi kamar mai, don haka ana gasawa a digiri 180 zuwa 200 na tsawon minti 30 zuwa 40, kuma a wannan dogon zama sirara da na bakin tire kan bushe su yi baƙi kafin na tsakiya su yi launi. A shimfiɗa su layi ɗaya ba a kan juna ba, a juya su a rabin lokaci, a cire waɗanda suka riga suka yi. Obin mai fanka ya fi rarraba zafi, a rage masa digiri 20 daga abin da aka saba. Obin ɗin gas da ke ƙasan murhun girki yakan fi zafi a ƙasa da baya, kuma lambobin makunninsa ba digiri ba ne. Sayen obin don dankali kaɗai asara ce. Wanda ya riga ya mallaka kuwa, shi ne hanyar ciyar da mutum goma a tashi ɗaya, kuma yana shekaru bai nemi gyara ba.

Eya firaya

A nan gardamar take. Eya firaya ƙaramin obin ne mai fanka mai ƙarfi a saman abinci, tana busar da bayan dankali da sauri ta ba shi ɓawo. Wani bincike da aka yi a Sifen a 2015 ya samu raguwar akirilamaid da kusan kashi 90 cikin ɗari in aka kwatanta da suyar mai, kuma daga irin wannan ne masu talla ke ɗebo maganarsu. Amma a 2021 hukumar kare masu saye ta Hong Kong ta gwada na'urori 12 da siraran dankali, tana bin umarnin da masu ƙera su suka bayar, rabinsu suka haura alamar nan ta 500, ɗaya ma ta ninka ta fiye da sau goma. Da aka rage zafi ko lokaci, sai lambobin suka sauko sosai. Wato na'ura guda na iya ba da mafi ƙanƙanta, tana kuma iya ba da mafi yawa, ya danganta da inda aka murɗa ta.

Dalilin a fili yake. Maɓallin dankali da aka riga aka saita a yawancinsu digiri 200 ne na wajen minti 20, kwandon a rufe yake ba a ganin ciki, kuma na sama da ke kusa da abin zafi sun fi na ƙasa gasuwa. A bar wannan maɓallin. A saita 170 zuwa 180, kada dankalin ya wuce rabin kwando, a girgiza shi duk bayan minti biyar, daga minti na 12 kuma a riƙa leƙawa akai-akai. Ƙaramin cokali ɗaya na mai da aka cuɗa da dankalin na taimaka wa launi ya fito bai ɗaya.

Tana jan wat 1,200 zuwa 1,800. Mai wat 1,500 da ta yi minti 20 ba ta wuce rabin yunit na wuta ba, kuma ga iyalin da ke yawan suya, man da ba a saya ba na rage zafin kuɗinta a hankali. Ƙarkonta ne abin dubawa. Fentin hana kamu na kwandon yana ɓarewa in ana kankare shi da soson ƙarfe, fanka na iya tsayawa, kuma masu allon taɓawa ba sa jure hawa da saukar wuta kamar masu makunnin murɗawa. Ba ta da haɗarin tafasasshen mai, wanda ba ƙaramin abu ba ne a gidan da yara ke shiga kicin. Amma ƙarama ce, gida mai mutum takwas sai an yi zubi uku ko huɗu.

A fara dafawa, sannan a ɗan soya

Wannan ba na'ura ba ce, dabara ce, kuma a ganin masu wannan rubutu ita ta fi duka biyan kuɗin wahalarta. A yanka dankali, a zuba a tafasasshen ruwa na minti biyar zuwa bakwai, har gefensa ya yi laushi amma bai farfashe ba. A tsane, a baza a tire ya sha iska har tururi ya daina tashi, sannan a soya. Ruwan ya wanke sukari da asfarajin daga bayan dankalin, daidai inda sinadarin ke haɗuwa, kuma tun da ciki ya riga ya nuna, minti uku zuwa huɗu a mai sun isa. Dalilin da ke sa a bar dankali a wuta har ya yi duhu ya kau ke nan. Cokali ɗaya na binega a lita ta ruwan dahuwar na ƙara taimakawa, don tsami na rage saurin haɗuwar, yana kuma hana yankan narkewa. Kanwa da bakin soda akasin haka suke yi, suna gaggauta rinewa, kada a sa su. Asarar da ke ciki ita ce ƙarin tukunya, ƙarin minti 20, da ɗan sinadaran gina jiki da ke bin ruwa. In ba a bar shi ya bushe ba kuma, mai zai yi tartsatsi.

| Hanya | Iko da zafi | Kuɗi | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Kasko | Babu, sai da ma'aunin zafi | Mafi araha, yana cin mai | Shekaru da yawa | Zafi ya wuce kima, gobarar mai |
| Firayar lantarki | Mai kyau ƙwarai | Matsakaici, tana cin mai da wuta | Matsakaici, tana gyaruwa | Murɗa ta zuwa 190, tsohon mai |
| Obin | Matsakaici | Mai tsada, mai kaɗan | Mai kyau | Ƙonewar na gefe da sirara |
| Eya firaya | Mai kyau, in ana leƙawa | Matsakaici zuwa tsada, mai kaɗan | Mafi rauni | Saitin 200 da rufaffen kwando |
| Dafawa kafin suya | Tana gajarta suya | Ba ƙarin saye | Ba abin lalacewa | Tartsatsin mai in bai bushe ba |

Abin da ke gaban na'ura: dankalin kansa

Kowace hanya aka zaɓa, dankali mai sukari da yawa zai ba da kunya. Idan aka daɗe da ajiye shi a sanyin da ke ƙasa da digiri shida, sitacinsa na juyewa sukari. Wannan babbar damuwa ce ga masu ajiyar watanni a ɗakunan sanyi, kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka na ba da shawarar kada a sa ɗanyen dankali a firji. Takwararta ta Birtaniya, wadda a 2017 ta yi gangamin a tsaya a ruwan zinariya, ta sassauta nata gargaɗin daga baya, bayan bincike ya nuna ajiyar firjin gida ba ta kawo wani babban bambanci. A ƙasar zafi ma akwai ɗaya gefen: dankalin Jos da ya kwana biyu a shago mai zafi yana tsiro yana yamushewa, tsohon dankali mai tsiro kuma shi ma sukarinsa na hawa. A saya kaɗan-kaɗan, a ajiye a inuwa mai iska da duhu. Akwai gwaji mai sauƙi kafin a soya da yawa: a jefa yanka ɗaya a mai mai digiri 170. In gefensa ya yi duhu cikin minti biyu zuwa uku ciki bai nuna ba, wannan buhun na fate ne ko na dafawa kafin suya.

Kaurin yanka ma na da tasiri, tun da a ɓawo abin yake. Yanka mai kaurin yatsa, wajen santimita ɗaya, ya fi siriri kamar tsinken ashana ƙarancin ɓawo a kowace loma, shi ya sa dankalin leda mai ƙaras-ƙaras ke da alamar 750 a dokar Turai maimakon 500. 'Yan guntayen da ke fitowa wajen yanka a ware su, su ne ke fara ƙonewa. Jiƙawa kuma kyauta ce. Wani gwaji a Birtaniya a 2008 ya samu raguwar kashi 38 cikin ɗari bayan jiƙon minti 30, da kashi 48 bayan awa biyu, amma sai in an tsaya a launi mai haske. Wanda ya jiƙa sannan ya soya har ya yi duhu ya zubar da ribar. Mai son launi ya nemo shi daga kurkur ko kori bayan an kwashe, ba daga ƙarin minti a wuta ba.

Dankalin hausa da ayabar suya da ta nuna sosai suna da sukari mai yawa, suna saurin rinewa, don haka duk abin da aka faɗa ya shafe su. Rogo da shinkafa ba su da asfarajin da yawa, nama da kifi ma akirilamaid ɗinsu kaɗan ne.

Wa ya dace da wanne

Gidan da ke soya dankali sau ɗaya ko biyu a wata ba ya bukatar sayen komai saboda akirilamaid. Jiƙo na rabin awa da kwashewa a ruwan zinariya sun wadatar. Gidan da yara ke tafiya makaranta da soyayyen dankali kusan kullum shi ya fi cancantar canji, kuma canjin farko shi ne dafawa kafin suya, wadda ake iya yi tun dare, tare da sauya shi da dafaffe ko fate a wasu ranakun.

Mai sana'ar suya a bakin hanya ko ƙofar makaranta, kasko ne abin aikinta, eya firaya ba za ta ɗauki cinikinta ba. Ma'aunin zafi da matsamin tsame ɓurɓushi za ta saya, ta rage yawan zubi, in da hali ta koma gas don wuta ta riƙa jin magana. Gidan abinci mai ma'aikata da ke canzawa ya fi bukatar firaya mai saitin zafi a tsaye a 170 da agogon ƙidayar minti, don sakamakon kada ya dogara da hannun wanda ke bakin aiki.

Eya firaya ta dace da ƙaramin iyali mai tsayayyar wuta ko sola mai ƙarfi, musamman wanda likita ya ce ya rage mai. Don rage mai da kauce wa ƙuna za a saye ta, ragin akirilamaid kuwa sai an sauke zafinta an kuma riƙa buɗe kwando. Babban gida mai obin ya tafasa dankalin minti biyar, ya baza a tire biyu, ya gasa a 180, ya sauya wa tirorin wuri a rabin lokaci.